Tsawon sarƙa: ki auna wuyanki kafin ki biya kuɗi

Lokacin da muke haɗa lefen ƙanina, ni aka ɗora wa sayen sarƙar gwal ta amarya. Na je wajen 'yan gwal, na ga wata mai kyau, na ɗora a wuyana, ta kwanta daidai kan ƙashin wuyana kamar don ni aka ƙera ta. Na biya na taho. Bayan an kai lefe da kwana biyu sai ga amarya ta kira ni, muryarta ƙasa-ƙasa don kunya: “Anti, sarƙar ta yi kyau ƙwarai, sai dai tana shaƙe ni, ko ruwa na haɗiya sai na ji ta.” Sarƙar inci 16 ce. Wuyana inci 13 ne, nata kuwa 15. Abin da ya zauna mini a sake, ita ya kama ta kamar wuyan rigar da ta tsuke.

Tun daga ranar nake yawo da tef ɗin tela a jaka. Lambar da ke jikin sarƙa tsawonta kawai take faɗa miki. Inda za ta sauka a jikinki kuwa sai kin auna kaurin wuyanki, kin san inda ƙashin wuyanki yake, kin kuma duba wuyan rigar da za ki sa.

Awon farko shi ne kewayen wuya. Ki tsaya a miƙe gaban madubi, kanki a daidai, kada ki sunkuya don duba tef, domin sunkuyawa na ƙara wa wuya kauri. Ki zagaya tef ɗin a gindin wuya, ƙasa da maƙogwaro, inda wuyan ya fara buɗewa zuwa kafaɗa. Ya taɓa fata ko'ina amma kada ki ja shi har ya nutse. Idan babu tef, zare ya isa: ki zagaya, ki kama da farce inda ya haɗu, ki shimfiɗa shi kan rula. Ni na fi son a yi wannan awo da yamma, bayan an sha zirga-zirgar yini da zafi, domin a irin lokacin ne ake zaman biki.

Awo na biyu ya fi na farko amfani, amma ba kowa ke yin sa ba. Ki sa yatsa a gindin maƙogwaro, za ki ji wani ɗan rami tsakanin ƙasusuwan nan biyu da suka kwanta daga tsakiyar wuya zuwa kafaɗu. Su nake kira ƙashin wuya, ramin kuma ramin wuya, kuma daga shi za mu riƙa lissafin komai. Ki samo zare mai ɗan kauri, ki ɗaura masa wani abu mai ɗan nauyi a tsakiya, kamar zobe, domin zare fanko ba ya kwanciya yadda sarƙa ke kwanciya. Ki rataya, ki riƙe bakinsa biyu a ƙeya, ki riƙa sassautawa har zoben ya zauna cikin ramin wuya. Ki yi alama da biro, ki cire, ki auna. Wannan lamba ita ce ma'auninki. Duk sarƙar da ta gaza ta za ta hau wuya, duk wadda ta fi ta za ta sauko ƙirji.

Saukowar ma tana da lissafi mai sauƙi. Sarƙa gefe biyu gare ta, don haka duk ƙarin inci 2 a tsawo yakan sauke ta kimanin inci 1 ne kawai a gaba. Mutane da yawa sukan ɗauka tsakanin inci 18 da 20 akwai tazara mai yawa, su sayi biyun don haɗawa, sai su tarar inci 1 ne kawai tsakaninsu a gaba.

A shagunan intanet za ki ga sunaye kamar choker, princess, matinee, opera da rope. Na farko inci 14 zuwa 16 ne, na biyu 17 zuwa 19, na uku 20 zuwa 24, na huɗu 28 zuwa 36, na ƙarshe kuma abin da ya haura haka. Sunayen an sa su ne bisa wuya matsakaici, wajen inci 13 zuwa 14. Idan naki ya fi haka, sunan zai yaudare ki, don haka daga nan da inci za mu yi magana.

Mu fara da coka, mai kama wuya. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kewayen wuya a ƙara inci 2. Mai wuya 13 ta nemi 15, mai wuya 15 ta nemi 17. Idan an maƙala, yatsu biyu su iya shiga tsakaninta da fata ba tare da kin ji ta a maƙogwaro ba. Ki gwada haɗiyar yawu, ki juya kai hagu da dama, ki sunkuya kamar mai duba waya. Idan ta bar layi a fata bayan minti kaɗan, ta yi kaɗan. Idan kuma tana juyawa har maɓallinta ya dawo gaba, ko dai ta yi sako-sako, ko maɓallin ya fi gabanta nauyi.

Coka ta fi karɓar mai dogon wuya, domin tana yanka tsawon gida biyu. Mai gajeren wuya kuwa, musamman idan da ɗan ninki, coka mai faɗi takan cinye ɗan filin da ke tsakanin haɓa da kafaɗa, sai fuska ta zama kamar an ɗora ta kan ƙirji. Ba na hana irin wannan mace sa coka, amma siririya ce tata, kuma ta zauna can ƙasa a gindin wuya. Sannan akwai maganar zafi. Cokar fashon da ta manne da fata a watan Afrilu, ga gumi ga turare, ita ce ta fi saurin koɗewa, kuma ita ce ta fi haddasa ƙaiƙayi da ƙuraje ga wadda fatarta ba ta jure ƙarfen nikel da ake haɗawa a irin waɗannan kaya. Idan kin san fatarki haka take, ki bar coka ga gwal ko azurfa.

Wata magana a gefe: idan cokar da kika saba sawa ta fara kama ki alhali ba ƙiba kika yi ba, kuma kin ga gaban wuyanki na tasowa, ki je asibiti a duba. Maƙoƙo yakan fara a hankali, kuma sau da yawa abin wuya ne ke fara tona shi.

Sarƙar murjani da ta tsakiya da duk wani dutse mai kauri suna da nasu lissafin, kuma nan ne ake yawan faɗuwa. Ana auna su ne ta tsawon zaren da ya ratsa tsakiyar duwatsun, amma abin da ke taɓa wuya shi ne gefen ciki. Da zarar an zagaya ta, cikin yakan ragu da kimanin kaurin dutse ɗaya sau uku. Dutse mai kaurin santimita 1 zai cinye miki santimita 3 da ɗoriya, wato fiye da inci 1. Saboda haka murjani mai inci 17 zai zauna kamar siririyar sarƙa mai inci 16 ko ƙasa da haka. Idan za ki ba da a shirya miki a kasuwa, ki faɗa wa mai shiryawa awon cikin da kike so, kuma ki gwada kafin ya ƙulle zaren.

Sai tsawon da ya fi kowane yawa a kasuwa, inci 18. Ga mai wuya matsakaici yakan sauka kan ƙashin wuya ko ƙasa da shi kaɗan, kuma shi ya sa kusan duk sarƙa mai kai, wato mai ɗan abin ado rataye a tsakiya, da wannan tsawo take zuwa. Idan za ki sayi sarƙar gwal guda ɗaya tak a rayuwarki, a wannan yankin nake ba ki shawara ki tsaya, wato kewayen wuyanki a ƙara inci 4 ko 5. Tana bayyana a wuyan rigar atamfa, tana shiga ƙarƙashin hijabi ba ta dame ki ba, ba ta kama hannun kujera, ba ta leƙa tukunya.

Amma a nan ne wuyan riga ke yanke hukunci. Abin da ake so shi ne kan sarƙa ya zauna kan fata, da tazarar aƙalla inci 1 tsakaninsa da bakin riga, ko kuma ya sauka sosai ya kwanta kan rigar. Mafi muni shi ne ya faɗa daidai bakin riga, yana shiga yana fita, kina ta zaro shi duk zaman biki. Idan leshi ne mai duwatsu a wuya, har kamawa yake yi yana jan zare.

Bari in nuna yadda muka gyara ta amaryarmu, domin a nan ne lissafin ya fito fili. Na je gidansu da tef da zare. Wuyanta inci 15. Zaren ya kai ramin wuya a inci 18, wanda ke nufin tsawon da ake cewa na kowa ne, ita a gindin wuya yake tsaya mata. Sai na ce ta ɗauko rigar leshin da za ta sa ranar kamu. Daga ramin wuya zuwa bakin rigar inci 3 ne. Kan sarƙar, har da ɗan zoben da yake rataye da shi, inci 1 da rabi ne, kuma ba a lissafa shi cikin tsawon sarƙa. Da mun ɗauki inci 20, sarƙar za ta sauko inci 1 ƙasa da ramin, kan ya ƙare a inci 2 da rabi, saura rabin inci kawai ya taɓa riga. Tana zama ta ɗan ranƙwafa, ya shige. A inci 18 kuwa kan zai fara tun cikin ramin, ya karkace maimakon ya kwanta. Inci 19 ne ya dace: kan ya ƙare a inci 2, da tazarar inci 1 cif. To, inci 19 ba ya yawa a kasuwa. Muka mayar da ta 16, muka ɗauki ta 18, maƙerin gwal ya ƙara mata jela mai inci 2 a baya, mai zobba da za a iya maƙala ƙugiya a kowanne. Ranar kamu ta maƙala a tsakiya. Da rufaffiyar riga takan sake ta zuwa 20.

Wannan jela ita ce abin da na fi yaba wa a duk harkar. Gwal kaɗan take ci, amma ta mayar da sarƙa ɗaya tsawo uku. Ga amarya ma dole ce a ganina, domin jiki yakan sauya bayan aure, ciki da haihuwa sukan ƙara kaurin wuya, sarƙar lefe kuwa ana so ta daɗe. Abin lura kawai shi ne launinta da ingancinta su zo ɗaya da na sarƙar. Ki duba hatimin da ke jikin maɓalli: 750 na nufin karat 18, 875 karat 21, 916 kuma karat 22. Idan aka haɗa jelar 18 da sarƙar 21, bambancin launi zai nuna, kuma ranar sayarwa za a yi ta gardamar awo.

Manyan sarƙoƙin amare masu faɗin gaba, irin waɗanda ake kawowa daga Dubai da Saudiyya, ba sa bin lissafin saukowar nan, domin gabansu a sandare yake, an riga an ba shi lanƙwasarsa. Irin su sai gwaji a jiki. Idan an ɗaure da ƙarfi suka hau sama, gefen ƙasa yakan ɗaga daga ƙirji. Idan an sake da yawa, gefen sama ne ke buɗewa ya rabu da fata. Inda suka kwanta lif, sama da ƙasa, nan ne mazauninsu, kuma rigar ce za a ɗinka ta bi su. Ki kai wa tela awon, ko ki yanka takarda daidai siffar sarƙar ki ba shi.

Tsakanin inci 20 da 24 sarƙa ta bar ƙashin wuya ta sauko saman ƙirji. Ga mai wuya 16 ko 17, inci 20 zuwa 22 shi ne abin da inci 18 yake ga wasu, kuma kada mai shago ya ce miki ta yi tsawo. Ga mai gajeren wuya ko zagayayyar fuska, wannan yanki ya fi coka nesa ba kusa ba, domin sarƙar na yin tsini a ƙasa, tana jan ido zuwa ƙasa, wuya ya ƙara fitowa. Ita ce kuma ta dace da rufaffiyar riga da abaya, inda za ta kwanta kan yadi. Matsalarta tana ƙarshen yankin. Ga mai cikar ƙirji, inci 24 zuwa 26 yakan ƙare daidai kan tudun, sai kan sarƙar ya rasa inda zai kwanta, ya riƙa lilo a iska ko ya zame gefe ɗaya. Ki gwada da zaren nan mai zobe, sanye da rigar mama da kika saba sawa, ki tabbatar ta tsaya sama da tudun da yatsu biyu ko uku, ko ta wuce shi gaba ɗaya. Abin wuyan azurfa na Agadas, mai faɗi da nauyi, shi ma a wannan yanki ya fi kyau, domin yana bukatar shimfiɗaɗɗen wuri ya kwanta.

Tsawo kuɗi ne idan gwal ne, tunda da giram ake sayarwa. A ce sarƙa mai inci 18 ta yi giram 9, wato rabin giram kowane inci. Irin ƙirarta a inci 24 za ta yi giram 12, a inci 30 kuma giram 15. Abin da wasu ke yi don rage kuɗi shi ne su ɗauki doguwa amma siririya ƙwarai, kuma wannan asara ce, domin doguwar sarƙa ta fi gajera fuskantar fizga. Idan kuɗinki giram 9 ne, gara ki zuba su a inci 18 mai ƙwari da ki baza su a inci 28 da za ta tsinke a hannun yaro. Mai goyo ta san abin da nake nufi: jariri na shan nono, hannunsa na neman abin kamawa, kuma duk abin da ya sauko ƙasa da ƙashin wuya nasa ne.

Dogayen, daga inci 28 zuwa 36, a nan kaurin wuya ya kusa daina tasiri, tsayin jiki ne ke magana. Ga doguwar mace inci 30 yakan tsaya ƙasan ƙirji, ga gajera kuwa yakan doshi cibiya, inci 36 ma ya wuce ta, sai ta ƙara gajarta a ido. Sun fi kyau kan abaya ko shadda marar aiki da yawa a gaba. Kan atamfa mai zane da yawa ɓacewa suke yi, ƙarƙashin gyale kuma sukan harɗe da shi duk lokacin da kika gyara yafawa. Ni ba na sa su ranar aiki, na sha kama hannun ƙofa da su.

Wasu dogayen ba su da maɓalli, ta kai ake zura su. Kewayen kan babba yakan kai inci 22, ban da tudun kitso, don haka marar maɓalli da ta gaza inci 26 wahala za ta ba ki, kuma dole a sa ta kafin ɗaurin ɗankwali. Masu sayarwa sukan ce inci 36 ana ninka ta biyu ta zama sarƙa biyu masu inci 18. Gaskiya ne idan tana da maɓalli. Idan babu, zagaye na farko zai ci aƙalla inci 14 a wuya, saura 22 da za ki tura kanki ciki da ƙyar. Mai wuya 15 ko 16 kada ma ta fara.

Idan haɗa biyu ko uku kike so, ki bar bambancin tsawo na aƙalla inci 2 tsakanin kowace, inci 4 ya fi idan ta saman tana da kai, kuma mafi nauyi ta zama ta ƙasa. Siraran sarƙoƙi masu tsawo kusan ɗaya murɗewa suke yi da juna tun kafin ki isa gidan biki.

Saura yadda za ki tabbatar da awon mai sayarwa, musamman idan aike za ki yi, ko tsaraba kika roƙa daga mai tafiya Umara. Ana auna sarƙa ne a buɗe, a shimfiɗe, daga bakin ƙugiya zuwa ƙarshen zoben da take shiga. Wasu sukan auna ta a rufe tana rataye, su ba ki rabin tsawon, wasu kuma su haɗa har da kan. Ki nemi hotonta shimfiɗe kusa da tef. Sannan ki lura ko da santimita aka rubuta, kamar yadda kayan Italiya da Turkiyya suka saba zuwa. Inci 1 santimita 2.54 ne, don haka santimita 45 bai cika inci 18 ba, kusan 17 da kashi uku cikin huɗu ne, santimita 40 kuma ya gaza inci 16 da kaɗan. A doguwar sarƙa wannan ba komai ba ne, a coka kuwa ana jin sa a maƙogwaro.

Da yayata za ta tafi Umara bara, 'yarta ta roƙe ta sarƙa. Ban bari an rubuta mata lamba kawai ba. Na yanke zare daidai tsawon da muka gwada a wuyan yarinyar, na ƙulla bakinsa biyu, na ce: “Yaya, ki sa wannan a jakar fasfo. In kin shiga shago, ki buɗe sarƙar ki shimfiɗa ta kusa da shi, har da maɓallin. In ta gaza shi, ki ajiye musu abinsu.”